Cire bayan hotunan kaya a lokaci ɗaya

A ce mai shagon jakunkuna a intanet ta ɗauki hoto 200 da wayarta, wasu a kan darduma, wasu a jikin bango. Goge bayansu ɗaya bayan ɗaya aikin kwanaki ne. Akwai manhajar kyauta ta kwamfuta, rembg, wadda ke bin dukan hotunan da ke cikin folda ta yanke kayan, ta ajiye su a PNG marar baya:

```
rembg p asali yanke
```

Wannan shi ne mai sauƙin. Wahalar tana gaba, domin manhajar ba ta matsar da komai. Jakar da aka ɗauka daga nesa za ta fito ƙarama, wadda ta karkata gefe kuma nan za ta tsaya. Idan aka jera su a shafin shago, sai ka ga kamar kayan mutum goma aka haɗa.

Maganin shi ne a sa wa kowane hoto ma'auni guda. A datse filin banza da ke kewaye da jakar, a mayar da gefenta mafi tsawo fiksel 850, sannan a zaunar da ita tsakiyar farin fili mai 1000 tsawo da faɗi. Jakar ta ci kashi 85 cikin ɗari ke nan, adadin da Amazon ke nema a babban hoton kaya. Da ImageMagick, a cikin foldar yanke, bayan an buɗe wata mai suna gama:

```
magick mogrify -path gama -format jpg -fuzz 5% -trim +repage -resize 850x850 -background white -alpha remove -gravity center -extent 1000x1000 *.png
```

Aikin `-alpha remove` shi ne cika bayan da fari. JPG ba ya riƙe wurin da babu launi, kuma idan ba a cika shi ba, bayan na iya fitowa baƙi ƙirin. A kuma ware kaya kashi-kashi kafin a fara, kowane kashi da nasa ma'aunin, in ba haka ba ƙaramar jakar kuɗi za ta kai girman akwatin tafiya, mai saye ya ga an yaudare shi.

Sai dubawa. Ni ban yarda da farin fili wajen duba aiki ba, yana ɓoye aibi. A ɗora yankakkun hotunan a kan launi mai duhu, nan take za a ga ramin hannun jaka da bai gogu ba, da siririyar sarƙa da ta gutsure, da jan darduma da ya rina gefen farar fata. Jakar da ta fito ƙarama fiye da 'yan uwanta kuwa, galibi wani ɗigon datti ne ya rage a kusurwa ya hana datsewa.

Waɗannan a gyara su da hannu. Idan sun yi yawa, laifin na ɗaukar hoton ne: farar jaka a kan farin ƙyalle ba ta da iyakar da manhaja za ta bi. Gara a shimfiɗa ƙyalle ruwan toka, a kafe wayar wuri guda, a sake ɗauka a inuwa.