ATR: Ma'aunin da ke nuna wa sabon ɗan kasuwar canji inda zai tsayar da asara

A cikin matasan Maraɗi, Damagaram da Yamai da ke gwada sa'arsu a cinikin zinare da kuɗaɗen ƙasashen waje ta wayar salula, da ƴan'uwansu mazauna ƙetare, akwai kukan da ake yawan ji. Mutum ya sayi zinare, ya sa iyakar asararsa, farashi ya sauko ya taɓa iyakar, aka fitar da shi daga cinikin, can kuma sai farashin ya juya ya hau daidai inda ya yi hasashe. Wasu na ɗora laifin a kan dillali. Sau da yawa kuwa dalilin bai kai haka nisa ba: an dasa iyakar ne a cikin filin da farashi ya saba kai-komo kowace rana.

Wannan iyaka ita ce ake gani da sunan Stop Loss a manhajojin ciniki, wato umarnin da ke rufe ciniki da kansa idan farashi ya kai wani matsayi. Nisan da ya kamata a ba ta yana da ma'auni, sunansa Average True Range, ko ATR a taƙaice.

Abin da yake aunawa

Wani injiniya Ba'amurke, J. Welles Wilder, shi ne ya fito da ATR a littafinsa New Concepts in Technical Trading Systems na shekarar 1978. Ma'aunin ba ya faɗin ko farashi zai hau ko zai sauka. Aikinsa ɗaya ne, ya nuna yawan tafiyar da farashi ya saba yi a ɗan tsakanin nan.

Duk mai sayen hatsi ya san wannan tunani. Idan kuɗin tiyar gero ya saba motsawa kaɗan daga ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa, wannan ɗan motsin ba labari ba ne. Sai ranar da ya zarce abin da aka saba ne ake tambayar me ya faru. ATR yana mayar da "abin da aka saba" ya zama lamba.

A allon ciniki, kowane kyandir yana wakiltar wani lokaci, awa guda ko yini guda, kuma yana nuna ƙololuwar farashi, ƙasansa, da inda ya rufe. Hanya mafi sauƙi ta auna tafiyar yini ita ce a cire ƙasan daga ƙololuwar. Wilder ya lura cewa wannan lissafin yana ɓoye wani abu. Kasuwa kan rufe a wani farashi, ta buɗe a wani mai nisa, musamman bayan hutun ƙarshen mako. Wannan tsallen ma tafiya ce, kuma aljihun ɗan kasuwa yana jin ta. Saboda haka ya ce a yi lissafi uku a ɗauki mafi girma: tazarar ƙololuwar yau da ƙasan yau, tazarar ƙololuwar yau da rufewar jiya, da tazarar ƙasan yau da rufewar jiya. Wanda ya fi girma shi ne tazarar gaskiya, TR.

Ga misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Dala a nan dalar Amurka ce, ba dalar sefa ta cefane ba. Jiya zinare ya rufe a dala 2400. Yau ya buɗe sama, ya kai 2438, kuma bai sauka ƙasa da 2420 ba. Tsakanin ƙololuwa da ƙasa 18 ne kawai. Daga rufewar jiya zuwa ƙasan yau 20 ne, zuwa ƙololuwar yau kuwa 38. Tazarar gaskiya ta yau 38 ce. Wanda ya dubi tsawon kyandir kaɗai zai ɗauka kasuwa ta yini lafiya lau, alhali ta yi tafiyar da ta ninka haka fiye da sau biyu.

Daga yini ɗaya zuwa matsakaici

Yini ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, don haka ake ɗaukar matsakaicin kyandir 14, adadin da Wilder ya yi aiki da shi kuma mafi yawan manhajoji suka riƙe. Bayan matsakaicin farko, ana sabunta shi kamar haka:

```
ATR = (ATR_jiya × 13 + TR_yau) / 14
```

Idan ATR na jiya 30 ne, TR na yau kuma 38, sai a ninka 30 sau 13 a samu 390, a ƙara 38 ya zama 428, a raba gida 14. Amsar kusan 30.6 ce. Wato yini guda mai zafi bai ɗaga ma'aunin da ko dala ɗaya ba. Wannan nauyin jiki shi ne amfaninsa, shi ne kuma rauninsa, kamar yadda za a gani a gaba.

Ba sai an yi lissafin da hannu ba. A MetaTrader da TradingView ana samun sa a jerin Indicators, ya fito kamar layi a ƙasan allo. Lambobin manhajojin biyu kan ɗan bambanta, domin MetaTrader na ɗaukar matsakaici na kai tsaye, TradingView kuma na bin hanyar Wilder. Abin lura shi ne ATR yana magana da harshen farashin abin da ake dubawa: 30 a zinare na nufin dala 30, a EURUSD kuwa lambar kan fito kamar 0.0070.

Yadda ake fitar da nisan iyaka

Ana ninka ATR da wani adadi, galibi tsakanin 1.5 da 3, sannan a auna wannan nisan daga farashin shiga. Ƴan kasuwar nan da aka sani da Turtles, waɗanda Richard Dennis da William Eckhardt suka fara horarwa a Chicago a 1983, ninki biyu suke amfani da shi, a kan matsakaicin kwana 20.

A ɗauka wani matashi yana da dala 500 a asusunsa, yana son sayen zinare, XAUUSD, a farashin 2430, kuma ATR na kyandir ɗin yini kusan 30 ne. Ninki biyu ya ba da 60. Iyakarsa za ta zauna a 2370. Da sayarwa zai yi, yana hasashen faɗuwa, da sai ta zauna sama, a 2490.

A nan ne lissafin ke zama maganar kuɗi. A wajen mafi yawan dillalai, cikakken lot na zinare oza 100 ne, mafi ƙanƙantar abin da ake iya buɗewa kuma 0.01, wato oza ɗaya. Duk motsin dala ɗaya a farashi, dala ɗaya ce a asusunsa. Iyaka mai nisan 60 na nufin zai iya rasa dala 60, kashi 12 cikin 100 na jarinsa, a ciniki guda. Asara huɗu irin wannan a jere sun cinye kusan rabin asusun.

Ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce kada ciniki ɗaya ya iya cin fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na jari. A dala 500, kashi 2 dala 10 ne. Kuskuren sabon shiga shi ne ya ce tunda dala 10 zai iya rasawa, bari ya sa iyaka a 2420. Dala 10 kuwa kashi ɗaya ne cikin uku na tafiyar da zinare ke yi a yini na yau da kullum a wannan misali. Ko hasashensa daidai ne, kai-komon safiya kaɗai na iya fitar da shi.

Tsarin da ya dace shi ne kasuwa ta faɗi nisan iyaka, aljihu ya faɗi girman ciniki. Ana raba kuɗin da aka yarda a rasa da nisan iyaka. Dala 10 a raba da 60 ya ba da kashi ɗaya cikin shida na oza, abin da bai kai mafi ƙanƙantar lot ba. Amsar lissafin ke nan: wannan cinikin ya fi ƙarfin wannan asusun. Sai jari ya kai dala 3000 kafin dala 60 ta zama kashi 2.

Yana da mafita biyu in ban da haƙura. Zai iya komawa kyandir ɗin awa guda, inda ATR ya fi ƙanƙanta. Idan ya tarar da 5, ninki biyu dala 10 ne, lot 0.01 ya shiga lissafi. Sharaɗin shi ne cinikin ya zama na awoyi. Ba a ɗaukar ATR na awa a riƙe ciniki mako guda da shi. Zai kuma iya duba EURUSD, inda lot 0.01 yuro 1000 ne. Da ATR na yini 0.0070, ninki 1.5 ya ba da 0.0105, asarar da ke iya biyo baya kuma dala 10.5 ce, kusa da abin da ya ware.

Idan ciniki ya fara riba

Ana iya jan iyakar ta bi farashi. Hanyar da aka sani da Chandelier Exit, ta Chuck LeBeau, tana cire ninki uku na ATR daga farashi mafi tsawo da aka kai. Idan zinaren da aka saya a 2430 ya hau 2520, ATR na nan a 30, iyaka ta koma 2430, wato uwar kuɗi ta tsira. Dokar ita ce iyakar mai saye sama kawai take matsawa. Mai ja da ita baya don farashi ya matso, ya rushe dukan lissafin.

Inda ma'aunin ke gazawa

ATR labarin baya yake bayarwa. Bayan kwanaki na shiru lambarsa kan ragu, iyakar da aka fitar daga gare ta kuma ta matse, daidai lokacin da wani babban labari zai iya girgiza kasuwa. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda galibi ke fita Juma'ar farko ta wata, da sanarwar kuɗin ruwa ta babban bankin ƙasar, suna cikin irin waɗannan lokuta. Alamar da za a duba ita ce layin ATR da ya kwanta ƙasa fiye da yadda ya saba a watannin baya, ga kuma babbar sanarwa na tafe.

Haka nan iyaka ba alkawarin farashi ba ce. Idan kasuwa ta tsallake ta, cinikin yana rufewa ne a farashin farko da aka samu. A ranar 15 ga Janairun 2015, babban bankin Suwizalan ya janye shingen 1.20 da ya kafa tsakanin yuro da kuɗin ƙasar ba zato ba tsammani. Farashi ya rufta cikin mintuna, aka rufe cinikin mutane da yawa nesa da inda suka sa iyaka, wasu har suka wayi gari dillalai na bin su bashi.

Akwai kuma ratar da dillali ke bari tsakanin farashin saye da na sayarwa, wadda kan faɗaɗa cikin dare da lokacin sanarwa. A iyaka mai nisan dala 60 ba ta da tasiri sosai, amma a ta dala 10 tana cin rabo mai kyau, don haka ake ƙara ta a kan nisan.

A 2018, hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin kuɗi na Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan ƴan kasuwa masu irin wannan ciniki asara suke yi. ATR ba ya sauya hasashe marar kyau ya zama mai kyau. Abin da yake yi shi ne ya sa mai ciniki ya san, tun kafin ya danna Buy ko Sell, nawa kasuwa ke buƙatar a ba ta fili, da kuma ko asusunsa zai iya ɗaukar wannan filin.