Takardun lamuni a Ghana: lissafin da ke nuna yawan faɗuwar farashi idan kuɗin ruwa ya tashi

A watan Oktoba na 2022, hukumar da ke sa ido kan hada-hadar hannayen jari a Ghana ta umarci kamfanonin da ke juya kuɗin jama'a su riƙa ƙiyasta kadarorinsu da farashin kasuwa na ranar, ba da farashin da suka saye su ba. Masu ajiya daga Nima da Maamobi da suka je ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Adabraka sun tarar da cewa kuɗin da ke rubuce da sunansu ya ragu, alhali ba su cire ko sidi ɗaya ba. Dalili shi ne an zuba kaso mai yawa na kuɗin a takardun lamuni na gwamnati, kuma a wannan shekara Babban Bankin Ghana ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 14.5 cikin 100 zuwa kashi 27.

Takardar lamuni alkawari ce: gwamnati ta karɓi kuɗinka, za ta riƙa biyan ka wani adadi a kan lokaci, sannan ta mayar maka da uwar kuɗi a ƙarshen wa'adi. Idan sababbin takardu suka fara biyan riba mai tsoka, ba mai sayen tsohuwa sai an rage masa farashi. To amma ba duka takardu ke faɗuwa daidai da juna ba. Abin da ke bambanta su wani ma'auni ne da masanin tattalin arziki Frederick Macaulay ya bayyana a 1938, wanda ma'aikatan banki ke kira dureshan. A nan za mu kira shi matsakaicin wa'adi.

Tambayar da ma'aunin ke amsawa ita ce: a matsakaici, shekara nawa mai takarda zai jira kafin kuɗinsa su shigo hannu? Ba wa'adin da ke rubuce a takardar ba ne, domin wani ɓangare na kuɗin yana zuwa tun kafin ranar ƙarshe. Kowane biya ana ba shi nauyi gwargwadon darajarsa a yau.

Ga misali. A ɗauki takarda ta sidi 1,000 mai wa'adin shekara 3, wadda ke biyan kashi 20 cikin 100 sau ɗaya a shekara, kuma ribar da kasuwa ke nema ita ma kashi 20 ce. Takardun Ghana sau biyu suke biya a shekara, amma biya ɗaya ya fi sauƙin bi. Mai takardar zai karɓi 200 a shekara ta farko, 200 a ta biyu, da 1,200 a ta uku.

Mataki na farko shi ne mayar da kowane biya zuwa darajarsa ta yau, ta hanyar raba shi da 1.2 sau ɗaya a kan kowace shekarar jira. Sidi 200 na shekarar farko sun zama kusan 167, na shekara ta biyu 139, sannan 1,200 na ƙarshe sun zama 694. Jimilla 1,000, wato farashin takardar a yau.

Mataki na biyu shi ne ninka kowace daraja da shekarar da za ta zo, a tara, a raba da farashin:

```
(1×167 + 2×139 + 3×694) ÷ 1,000 ≈ 2.53
```

Ke nan takardar shekara 3 matsakaicin wa'adinta kusan shekara biyu da rabi ne. Da a ce ba ta biyan komai sai ranar ƙarshe, da ya zama shekara 3 cif.

Amfanin wannan adadi yana fitowa ne idan aka raba shi da 1.2, wato ɗaya a haɗa da ribar kasuwa. Sakamakon 2.11 ne, kuma ma'anarsa ita ce duk lokacin da ribar kasuwa ta ƙaru da maki ɗaya, farashi zai sauka da kusan kashi 2.11 cikin 100. Idan ta tashi daga 20 zuwa 21, ƙiyasi ya ce takardar za ta koma kusan sidi 979. Wanda ya zauna ya sake lissafin daga tushe da kashi 21, shi ma 979 zai samu.

Sai dai ƙiyasin yana da iyaka, kuma shekarar 2022 ta nuna ta. Idan ribar kasuwa ta yi tsalle da maki 10, daga 20 zuwa 30, ƙiyasin zai ce farashi ya faɗi da kashi 21, ya koma 789. Cikakken lissafi kuwa 818 yake bayarwa. Bambancin sidi 29 ɗin ya samo asali ne daga yadda matsakaicin wa'adi kansa ke raguwa yayin da riba ke hawa, domin kuɗin da ke nesa suna rasa nauyinsu. Saboda haka ƙiyasin yana zuzuta hasara idan tashin ya yi yawa. Maki ɗaya ko biyu a dogara da shi. Fiye da haka a sake lissafi.

Iyaka ta biyu ta fi zafi. Ma'aunin ya ɗauka cewa za a biya kuɗin a ranakun da aka alkawarta. A watan Disamba na 2022 gwamnatin Ghana ta sanar da shirin musanya bashin cikin gida, wanda aka rufe zagayensa na farko a Fabrairun 2023. An ba masu tsofaffin takardu sababbi da wa'adinsu ke cika tsakanin 2027 da 2038. Ɗaiɗaikun mutane 'yan ƙasa da shekara 59 an yi musu tayin kashi 10 cikin 100, waɗanda suka kai wannan shekarun kuma kashi 15. Takardun baitulmali masu gajeren wa'adi ba a taɓa su ba.

Don a ga tasirin irin wannan sauyi, a ce an musanya takardar misalinmu da wata ta shekara 5 mai biyan kashi 10, kasuwa kuma tana nan a kashi 20. Darajarta a yau za ta zama kusan sidi 701, matsakaicin wa'adinta kuma kusan shekara 4. Uwar kuɗin ba ta ragu a rubuce ba, har yanzu 1,000 ce, amma kusan sidi 300 na darajarta sun tafi. Ƙari a kan haka, kowane maki ɗaya da riba ta motsa yanzu zai girgiza farashin da kusan kashi 3.3, maimakon 2.1. Tsawaita wa'adi da rage biyan shekara duka suna tura nauyin kuɗin zuwa nesa.

Wannan girgiza tana aiki ta fuska biyu: idan riba ta sauka, takarda mai dogon matsakaicin wa'adi ita ce ta fi saurin farfaɗowa. Wanda zai iya riƙe takardarsa har ƙarshe, kuma aka biya shi, faɗuwar tsakiyar hanya ba ta shafi abin da zai karɓa ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai bukatar kuɗinsa da wuri, kamar ɗan kasuwar da zai saro kaya nan da wata shida ko mai tanadin kuɗin makarantar yara. Kafin irin wannan mutum ya sa kuɗi a asusun da ke sayen takardun lamuni, ya kamata ya tambayi ma'aikacin kamfanin matsakaicin wa'adin asusun, ya gwada shi da ranar da zai bukaci kuɗin. Idan an ce masa 4, to ya sani tashin riba da maki biyu kawai na iya cinye kusan sidi 7 cikin kowane 100 da ya ajiye.