Ciniki ya faɗa, kuɗi bai shigo ba

Saƙon da 'yan kasuwa suka fi tura wa kamfanin POS idan kuɗinsu ya maƙale bai wuce layi ɗaya ba: "Kuɗina bai shigo ba, ku duba." Ma'aikacin da ya buɗe shi ba shi da abin da zai duba, domin cinikayya dubbai ke bi ta na'urorinsu kowace awa. Dole ya dawo da tambaya, kwana ɗaya ya tafi a banza.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ranar Juma'a mutum uku suka biya shi da kati: naira 85,000, da 40,000, da 125,000. Kafin ya rubuta komai, sai ya duba yarjejeniyarsa. Wasu kamfanoni nan take suke biya, wasu kuma a tsarin T+1 suke, wato ranar aiki ta gaba. A wannan tsarin, cinikin Juma'a sai Litinin, in kuwa hutun Sallah ya gitta, sai bayansa. Wanda ya kai kuka ranar Asabar ya yi gaggawa.

To, Talata ta yi, shiru. Yanzu ne rasit ke amfani. Kowane rasit na ɗauke da Terminal ID, wato lambar na'urar, da RRN mai lamba 12 wadda da ita ake gano ciniki guda a cikin dubbai. Akwai kuma lambar amsa: 00 na nufin ciniki ya faɗa. In wata lamba ce daban, ko da an cire wa mai kati kuɗi, maganar ta koma tsakanin mai katin da bankinsa.

Ga yadda saƙon zai kasance: "Ina da ciniki uku na ranar Juma'a a kan na'ura mai lamba kaza, jimla naira 250,000, duka da amsar 00. Ya kamata su shigo Litinin, amma ba su shigo ba. Na haɗa RRN, lokaci da adadin kowanne, da hoton rasit, da bayanin asusuna daga Juma'a zuwa yau. Ina neman ranar da za a biya, da lambar wannan ƙorafin."

Bayanin asusun nan shi ake yawan mantawa, alhali shi ne shaida. Wani lokaci ma kuɗin ya shigo a dunƙule bayan an cire caji: in cajin kashi 0.5 cikin ɗari ne, naira 248,750 za a gani, mai neman 250,000 kuwa sai idonsa ya tsallake shi.

Kada a saka PIN ko cikakkiyar lambar katin kowa. Lambar ƙorafin kuwa a adana ta, domin in mako biyu ya wuce ba a warware ba, da ita ake zuwa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na Babban Bankin Najeriya, ta cpd@cbn.gov.ng, a haɗa da saƙon farko da duk amsar da kamfanin ya bayar.