Rinin Gashi Mai Amoniya da Marar Amoniya: Wanne Ya Dace da Kanki?

A kantin kayan kwalliya, kwalin rinin da aka rubuta masa "babu amoniya" yakan fi ɗan'uwansa tsada, mata da yawa kuma sun ɗauka cewa wannan rubutu yana nufin babu sinadari mai ƙarfi a ciki. Ba haka abin yake ba.

Kowane silin gashi yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Rinin da zai zauna dole ya ɗaga wannan ɓawo ya shiga ciki. Aikin amoniya ke nan: tana kumbura silin, ta buɗe hanya, sai ruwan haɗin, wato ferokzayid, ya kashe wani ɓangare na launin asali, ya kuma sa sabon launi ya kama. Idan aka cire amoniya, sai an sa wani abu ya yi aikinta, kuma galibi sinadarin da ake kira MEA ne.

Bambancin wari daga nan ya samo asali. Amoniya tana tashi ta bi iska, shi ya sa take hawa hanci, ta sa ido ƙwalla, musamman a ƙaramin shago marar taga. Amma tashin nan yana nufin tana raguwa a kan gashin yayin da rinin yake aiki. Shi kuwa MEA ba ya tashi, don haka ba ya damun hanci, sai dai yana nan zaune har a wanke shi. Wadda ta yi wankin shiririta ta bar shi a kai, za ta ga gashin ya bushe ya yi kaushi bayan kwanaki.

Mu ɗauki mace mai baƙin gashi wadda furfura ta cinye rabin gaban kanta, tana son launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Furfura taurin kai gare ta, musamman ta gefen goshi, ɓawonta a manne yake. Rini mai amoniya da ruwan haɗi mai lamba 20, wato ferokzayid kashi 6 cikin ɗari, yakan rufe ta ruf cikin minti 30 zuwa 45, idan aka fara shafawa daga inda ta fi yawa, aka kuma lafta shi sosai. Marar amoniya kuwa iri biyu ne, nan ne kuma ake yawan yin asarar kuɗi. Akwai mai zama dindindin, wanda shi ma da lamba 20 ake haɗa shi, kuma mai kyau daga cikinsu yana rufe furfura yadda ya kamata. Akwai kuma wanda ake haɗawa da ruwa mai rauni, lamba 10 ko ƙasa da haka. Wannan dusashe furfura kawai yake yi, ya riƙa koɗewa da kowane wanki. Alamar an yi zaɓen tumun dare ita ce, bayan wanki kaɗan a ga furfurar tana ƙyalli ta cikin launin, ta koma ruwan zinariya ko jaja-jaja.

Wajen haskaka gashi, amoniya ce gaba. Masu sana'ar sun kasa launin gashi hawa 10, daga baƙi wuluk a hawa na 1 zuwa mafi haske a na 10. Rini mai amoniya da ruwa mai lamba 30 ko 40 yana iya ɗaga gashi hawa uku zuwa huɗu, marar amoniya kuwa yakan tsaya a biyu ko uku. A kan baƙin gashi irin namu, ko mai amoniyar ma ja-ja zai ba ki, ba launin da ke jikin kwali ba. Gashin da aka taɓa rinawa baƙi kuwa, babu rinin da zai haskaka shi, domin rini ba ya cire rini.

Batun fatar kai shi ya fi damuna. Gaskiya ne da yawa sun fi jin sauƙin marar amoniya, raɗaɗinsa kaɗan ne. Amma kumburin fuska, ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayin da ke tasowa kwana ɗaya ko biyu bayan rini, yawanci ba aikin amoniya ba ne. Sinadarin launi ne mai suna PPD, ko danginsa, kuma ana samun su a nau'ukan biyu, sun ma fi yawa a launuka masu duhu. Shi ne kuma ake zubawa a yawancin baƙin lallen da ke kamawa nan take. Duk wadda baƙin lalle ya taɓa tasar mata da ƙuraje a hannu, kada ta kusanci irin wannan rini sai ta ga likitan fata.

Idan kin sa man miƙar da gashi, ki bari a ƙalla mako biyu kafin rini mai zama, kuma irin gashinki ya fi dacewa da marar amoniya mai ruwa mai rauni, tunda ɓawonsa ya riga ya wahala. Kowanne kika saya, ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne kamar yadda takardar cikin kwalin ta nuna, ki jira awa 48 kafin ya hau kanki.