Dala 200 Don Sayen Dama: Yadda Kwantiragin Zaɓi Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa cinikin fili ko mota ya san kafin alƙalami. Ka ga kaya sun yi maka, kuɗinka ba su cika ba, sai ka ba mai su wani abu ya riƙe maka su a kan farashin da kuka yi magana, zuwa rana kaza. A kasuwannin hannun jari akwai ciniki mai kama da wannan, wanda za ka ga an rubuta sunansa Options a manhajar dillalai. Mu kira shi kwantiragin zaɓi. Tun a shekarar 1973 aka buɗe masa kasuwa ta musamman a birnin Chicago na Amurka, kuma a can aka daidaita sharuɗɗansa yadda baƙo zai iya ciniki da baƙo ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Abin da ake saya a nan dama ce. Hannun jarin yana nan a hannun mai shi, kai dai ka sayi ikon karɓarsa a kan wani farashi kafin wata rana, in ka ga dama. In ba ka ga dama ba, babu mai tilasta ka. Damar saye ita ce ake rubutawa Call, damar sayarwa kuma Put. Za mu bi damar saye kawai, domin wanda ya gane ta ya gane ɗayar.

A ce hannun jarin wani kamfani yana kan dala 50 yau, kai kuma kana kyautata zaton zai tashi. Ka buɗe manhaja, ka ga layi ɗaya mai lambobi uku: Strike 55, Expiry wata uku nan gaba, Premium 2.00.

Lamba ta farko ita ce farashin alkawari. Ma'anarta, ko hannun jarin ya kai dala 70, wanda ya sayar maka da damar dole ya ba ka shi a kan 55. Wannan lamba ba ta motsi daga ranar da aka ƙulla har ranar da aka warware. Farashin kasuwa ne yake hawa da sauka a gefenta.

Ta biyu ita ce ranar cikar wa'adi. A Amurka, kwantiragin da aka saba yi wata-wata yana ƙarewa ne a Juma'a ta uku ta watan, ko da yake yanzu akwai na mako-mako. Zaɓin hannun jarin kamfanoni a can kana iya amfani da shi kowace ranar kasuwa kafin wa'adi, amma akwai wani nau'in da sai ranar ƙarshe kaɗai. Da wa'adi ya wuce, damar ta mutu.

Ta uku ita ce kuɗin damar, kuma a nan sabon shiga yake fara tuntuɓe. Wannan 2.00 da ka gani kuɗin hannun jari ɗaya ne, alhali kwantiragi guda a kasuwar Amurka yana ɗauke da hannun jari 100. Saboda haka dala 200 za su fita daga asusunka nan take, ban da ladan dillali. A nan ma kamanninsa da kafin alƙalami ya ƙare. Kafin alƙalami ana cire shi daga cikin kuɗin kaya idan ciniki ya faɗa. Waɗannan dala 200 kuwa sun tafi ke nan, ko ka saya ko ka fasa, kuma idan ka saya za ka biya 55 ɗin nan cif. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna wannan batu, har Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa kwantiragin zaɓi, yadda ake yin sa a kasuwannin duniya, bai halatta ba. Ya kamata mai karatu ya san da wannan tun kafin ya taɓa ko sisi.

To, mu je ranar Juma'ar ƙarshe mu ga abin da zai faru. Idan hannun jarin ya rufe a kan 60, damarka ta sayen abin 60 a kan 55 tana da darajar dala 5 a kowane ɗaya, wato 500. Ka cire 200 da ka biya, ribarka 300. Idan ya rufe a kan 54, wa zai sayi abu a kan 55 alhali yana kasuwa a kan 54? Damar ba ta da amfani, 200 ɗinka sun salwanta gaba ɗaya.

Amma wanda ya fi damuna shi ne na tsakiya, domin shi ne mutane ba sa hangowa. A ce ya rufe a kan 56. Hasashenka ya yi daidai, hannun jarin ya tashi daga 50 zuwa 56, har ya haye farashin alkawari. Duk da haka damarka dala 100 kawai take ja, kai kuma ka biya 200, ka yi asarar rabin kuɗinka. Wanda ya sayi hannun jarin kansa a kan 50 yana murna da ribar dala 6 a kowane ɗaya, kai kana lissafin hasara. Inda za ka mayar da uwar kuɗi shi ne farashin alkawari haɗe da kuɗin dama, 55 da 2, wato 57. Daga nan riba take farawa. Kuma dole a kai can kafin wa'adi. Idan hannun jarin ya yi tsalle zuwa 65 ranar Litinin mai bi, ba ka da ko ƙwandala a ciki.

Me ya sa ma aka biya dala 2 don damar sayen abin 50 a kan 55? Lokaci aka saya. Cikin wata uku abubuwa da yawa suna iya faruwa, kuma wanda ya sayar maka ya ɗauki kasada, shi ya sa ya karɓi lada. Da ka zaɓi farashin alkawari na 45, da ka biya da tsada, misali dala 6.50. A cikinsu dala 5 daraja ce da take hannu tun yau, tunda abin 50 za ka karɓa a kan 45, sauran 1.50 kuma kuɗin lokaci ne. A namu na 55, dala 2 ɗin duk kuɗin lokaci ne. Wa'adi mai tsawo ya fi tsada, haka ma hannun jarin da farashinsa ya saba tsalle-tsalle.

Shi kuɗin lokacin nan kamar ƙanƙara yake a hannun mai talla da rana. Yana narkewa kullum, kuma narkewar tana ƙara sauri a makonnin ƙarshe. Za ka gane haka idan ka buɗe manhaja bayan wata biyu ka tarar hannun jarin yana nan a kan 50 bai gusa ba, amma damar da ka saya dala 2 ta koma ƙasa da dala ɗaya. Babu wanda ya cuce ka, kwanakin da ka biya ne suka ragu.

Ba dole ne ka jira ranar ƙarshe ba. Damar kanta haja ce, kana iya sayar da ita a kasuwa a kan farashinta na ranar, kuma haka masu ciniki da yawa suke fita. Wanda ya bar ta har kasuwa ta tashi ranar wa'adi kuwa, ya sani cewa a Amurka idan farashi ya haura na alkawari ko da santi ɗaya ne, a bisa al'ada za a zartar da sayen kai tsaye sai fa in ya ba dillalinsa umarnin kada a yi. A misalinmu, zai wayi gari da hannun jari 100 a asusunsa, ana bin sa dala 5,500.