Fulawa da Dusa: Wa Zai Ɗauki Kuɗin Niƙa?

Alkamar da ta shiga injin niƙa kashi biyu take fitowa: kusan kashi uku cikin huɗu fulawa, saura dusa. Kuɗin sayen alkamar, da na wuta, da ladan ma'aikata, duk a dunƙule aka kashe su tun kafin kayan su rabu. Aikin akanta ne ya raba wannan kuɗi tsakaninsu, kuma hanyoyi biyu aka fi bi: awo da darajar kasuwa.

A ce kamfani ya niƙa alkama kilo 10,000, ya kashe naira miliyan 6, ya samu fulawa kilo 7,500 da dusa kilo 2,500. A ce kuma kilon fulawa naira 900 ne a kasuwa, na dusa 300. Cinikin fulawa zai kama miliyan 6 da dubu 750, na dusa dubu 750, ribar duka miliyan ɗaya da rabi.

Hanyar awo sikeli kawai ta sani. Ta raba miliyan 6 a kan kilo 10,000, kowane kilo ya ɗauki naira 600, fulawa ce ko dusa. A nan matsalar take, domin an ɗora wa dusa 600 alhali 300 ake sayenta. Littafi zai nuna ta yi asarar dubu 750, fulawa kuwa ta ci ribar miliyan 2 da dubu 250. Mai kamfanin da ya gaskata wannan lissafi har ya daina damuwa da sayar da dusa, kansa ya cuta. Ko kwabo ba zai ragu a cikin miliyan 6 ɗin ba, tunda ba a niƙa alkama babu dusa, ribarsa ce za ta koma rabi. Ga kuma buhunan dusar da suka kwana a sito ƙarshen wata, waɗanda za a rubuta da ninkin abin da kasuwa za ta biya, abin da ƙa'idar akanta ba ta yarda da shi ba.

Hanyar darajar kasuwa tana duba abin da kowanne ya kawo. Fulawa ta kawo kashi 90 cikin ɗari na ciniki, sai ta ɗauki miliyan 5 da dubu 400, wato naira 720 a kilo. Dusa ta ɗauki dubu 600, naira 240 a kilo. Kowacce ta tashi da ribar kashi 20 cikin ɗari, jimillar kuma tana nan yadda take.

A ganina wannan ta fi dacewa da kamfanin fulawa, amma ita ma da lam'a. Idan babbar salla ta gabato, masu kiwon raguna suka yi wa dusa rububi ta yi tsada, sai a ga kuɗin fulawa ya sauka a littafi, ba tare da an canza ko kusa ɗaya a inji ba. Saboda haka ba a yanka farashin fulawa da naira 720 ɗin nan, don daga farashin aka ciro ta tun farko.