Godiya Bayan Taro: Fara da Lissafi

Taro ya tashi, an naɗe tabarmi, saura godiya. A nan ne ƙungiyoyinmu da dama ke tuntuɓe: su jero sunayen manya, su mance da abin da aka cim ma.

A ce ƙungiyar unguwa ta shirya gangamin ba da jini. Takardar godiyarta ta fara da sakamako: mutum nawa suka zo, leda nawa aka samu, wane asibiti ya karɓa. Kada a haɗa masu zuwa da masu bayarwa, domin akan mayar da wasu gida saboda ƙarancin jini ko hawan jini. Kowace leda kusan mililita 450 ce, wanda ya bayar zai so ya san inda ta tafi.

Sai masu tallafi, kowa da abin da ya kawo: wannan rumfa, wancan lemo da ruwa. A nemi izini kafin a ambaci suna, domin wani don Allah ya yi, ba ya son a sani.

A rufe da mataki na gaba, amma kada a sa rana sai an tabbatar. Alkawari kaya ne.